Mijina ya rasu ya bar kuɗi a banki, basussuka da marayu: ta ina zan fara?

Tambaya: Mijina ya rasu makonni uku da suka wuce. Ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a nan Kano, yana kuma da shagon atamfa a kasuwa. Mu biyu ne matansa, 'ya'ya bakwai, uku maza huɗu mata, duk ƙanana. Nawa huɗu ne, maza biyu mata biyu. Mahaifiyarsa na nan da rai, mahaifinsa ya rasu. Katin bankinsa yana hannuna, na ciri kuɗin cefane sau da dama. Yayansa ya ce shi aka rubuta a banki, don haka in ba shi katin. Mutane kuma sun fara zuwa da maganar bashi, ni ma ina binsa kuɗin gwal ɗina. Ta ina zan fara?

Amsa: Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi, ya raya abin da ya bari. Baiwar Allah, abu na farko da nake roƙonki shi ne ki daina cirar kuɗi da katin nan daga yau, kuma kada ki miƙa shi ga yayansa ko wani daban. Ki ajiye shi wuri mai kyau tare da wayarsa da duk takardunsa.

Dalili shi ne, daga lokacin da rai ya yi halinsa, kuɗin da ke asusun nan sun tashi daga hannunsa, kuma ba su zama naki ba, ba su zama na yayansa ba. Sun zama dukiyar da masu bin bashi ke da haƙƙi a kanta kafin kowa, sannan magada, cikinsu har da marayu bakwai. Iznin da ya ba ki na amfani da katin ya ƙare da rasuwarsa, domin wakilci yana faɗuwa da mutuwar wanda ya wakilta. Banki kuma yana rubuta kowace naira da ta fita da ranarta da lokacinta. Ranar da alƙali ya sa aka kawo bayanin asusun, za a ɗora ranar rasuwa a kai, duk abin da ya fita bayanta za a tambayi wanda ya cire. A zaman rabon gado da na halarta, wannan takardar ce ta fi raba kan dangi, domin ko dubu hamsin mace ta cira don ciyar da yara, idan ba ita ta fara faɗa ba, sai a ɗauka ta ɓoye miliyoyi. Don haka ki ɗauki littafi yau ɗin nan, ki rubuta duk abin da kika cira, ranar da kika cira, da abin da kika saya. Ki nuna wa abokiyar zamanki da mahaifiyarsa. Abin da aka ci tare a gida za a lissafa shi a kan rabon waɗanda suka ci, magana ta ƙare ba tare da an zargi kowa ba.

Maganar yayansa kuwa, akwai kuskuren fahimta a cikinta wanda ya yaɗu ƙwarai. Gurbin da ake cikewa a fom ɗin banki mai suna Next of Kin, sunan wanda za a tuntuɓa ne idan wani abu ya faru. Ba ya mayar da mutum magaji, kuma banki ba zai ba shi ko sisi don sunansa na wurin ba. A Shari'a ma, tun da mamacin ya bar ɗa namiji, yayansa da ƙannensa ba su da gado a dukiyarsa. Wannan ba yana nufin a yi faɗa da shi ba. Baffan yaran ne, za a buƙace shi wajen zirga-zirgar kotu da ofisoshi, kuma wataƙila da kyakkyawar niyya ya yi maganar. Ki ce masa, cikin girmamawa, kin fi so a kai komai gaban alƙali don kowa ya fita daga zargi. Idan akwai wani dattijo a danginku ko limamin unguwa da yake jin maganarsa, ya fi kyau maganar ta fito daga bakinsa.

Kada a bar layin wayarsa ya mutu. A riƙa sa masa kati ana amfani da shi jefi-jefi, domin layin da ya daɗe ba a taɓa ba kamfani yana karɓewa ya sayar wa wani. A cikin saƙonnin wayar nan za ku ga bankunan da yake hulɗa da su, da asusun waya irin su OPay ko Moniepoint, da waɗanda yake tura wa kuɗi da masu turo masa. Yawancin maza ba sa gaya wa iyalinsu yawan asusun da suke da su, amma wayar tana faɗa. A rubuta lambar BVN ɗinsa, da lambar ma'aikaci, da lambar asusun fanshonsa.

Sai takardu. Idan a asibiti ya rasu, a karɓi takardar likita mai nuna rasuwa. Da ita za a je ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa na ƙaramar hukumarku a yi rajistar mutuwar, a karɓi takardar shaidar rasuwa. Idan a gida ya rasu, akan nemi rantsuwar kotu da wasiƙar mai unguwa. A duba sosai sunan da aka rubuta ya dace harafi da harafi da wanda ke banki da wurin aiki, domin Muhammad a nan, Mohammed a can, yana iya tsayar da fayil wata da watanni. A yi kwafi da yawa, asalin kuma ya zauna a hannun mutum ɗaya.

Bayan nan sai a shigar da maganar gado a kotun Shari'a. Kowane magaji na iya shigar da ita, ba sai namiji ba. Takaba ba ta hana ki ba. A mazhabar Malikiyya, mai takaba na iya fita da rana don lalurarta, ta dawo ta kwana a ɗakinta, kuma kina iya naɗa wakili, yayanki ko kawunki, ya tsaya miki. Kotu za ta tantance magada da shaidu, ta sa a lissafa dukiya a yi mata kuɗi, ta rubuta wa bankuna. Da zarar banki ya sami labarin rasuwa zai rufe asusun, ba mai cira sai da takardar kotu. Wasu bankunan suna aiki da umarnin kotun Shari'a kai tsaye, wasu kuma sukan nemi takardar iznin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotun Jiha, wadda za ki ji suna kira Letter of Administration. Tun farko wakilinki ya je kowane banki ya ce a rubuta masa abin da suke buƙata, don kada a sha wahala sau biyu. Duk kuɗin da aka biya a kotu a karɓi rasit.

Kafin a ce ga dukiyar mamaci, sai an fitar da abin da ba nasa ba. Kayan ɗakinki naki ne, haka lefenki, da dabbobinki, da jarin sana'arki, haka ma na abokiyar zamanki. Idan aka yi saɓani kan kayan gida babu shaida, ƙa'ida ita ce abin da aka saba na mata ne a ba mace da rantsuwarta. A shago ma akwai kayan mutane: atamfar da wani ya ajiye a sayar masa, ko kuɗin amana, ko jarin abokin haɗin gwiwa. Waɗannan a mayar wa masu su da shaida, ba sa shiga rabo. Albashin da ya shigo na watannin bayan rasuwa shi ma ba dukiyarsa ba ne, kuɗin gwamnati ne, kuma za a neme shi ko a cire shi daga haƙƙoƙinsa. Shi ya sa ya kamata a sanar da wurin aikinsa a rubuce da wuri. Akwai kuma maganar kyauta. Idan wani ya ce mamaci ya ba shi mota ko fili, a Malikiyya kyautar ba ta cika sai in ya karɓa ta shiga hannunsa tun mai bayarwa yana da rai da lafiyarsa. “Ya ce ya ba ni” ba tare da karɓa ba, kayan suna komawa cikin gado, ko da ke aka ce an ba.

Yanzu bashi, wanda a nan ne nake so ki fi natsuwa. Tsarin da malaman Malikiyya suka shimfiɗa shi ne, a fara da haƙƙin da ya rataya a kan wani kaya takamaimai, kamar abin da aka jinginar. Sai kuɗin likkafani da binnewa daidai gwargwado. Sai basussuka. Sai wasiyya daga kashi ɗaya cikin uku na abin da ya rage. Abin da ya saura shi ne gado. Ayoyin gado na Suratun Nisa'i, ta 11 da ta 12, suna maimaita cewa rabo yana zuwa ne bayan wasiyya da bashi. Hadisi kuma ya zo cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya masa. Saboda haka gaggauta biyan bashin mijinki alheri ne gare shi kafin kowa.

Amma gaggawa ba ta nufin a biya duk wanda ya yi sallama. Kuɗin marayu ne za a biya da shi, kuma wanda zai ce “na riga na biya” yana kabari. Don haka Shari'a ta tsaurara. Mai bin mamaci bashi sai ya kawo hujja: shaidu maza biyu adilai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwarsa, ko rubutun hannun mamacin da aka tabbatar. Bayan hujjar ma alƙali zai sake rantsar da shi cewa bai karɓi kuɗin ba, bai yafe ba, bai tura wani ya karɓa ba. Wannan ƙarin rantsuwar an sa ta ne don kare mamaci da maraya. Saboda haka duk wanda ya zo, a karɓe shi da mutunci, a rubuta sunansa da adadin da yake da'awa da hujjarsa, a ce masa za a kira shi kotu. Kada ki biya kowa daga hannunki, kada kuma ki ce “na ɗauki nauyi” don kunya ko tausayi, domin wannan kalmar na iya mayar da bashin wuyanki. Mutanen kirki za su zo waɗanda ba su da shaida, kuma kin san gaskiya suke faɗa. A irin wannan, baligin magaji da ya amsa bashin, amsawarsa tana aiki a kan rabonsa ne gwargwadon kasonsa, ba ta taɓa rabon yara ba. Littafin shago da saƙonnin banki da ke wayarsa sukan taimaka ƙwarai wajen tabbatar da irin waɗannan.

A sa a yi sanarwa a masallacinsa da layinsu na kasuwa cewa mai binsa da wanda yake bi su zo cikin wani wa'adi. Wannan yana da amfani ta fuska biyu. Idan aka raba gado sannan mai bashi ya ɓullo da hujja, za a koma kan magada a karɓo daga abin da kowa ya ɗauka, kuma karɓo kuɗin da aka riga aka kashe ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Ɗan kasuwa kuma yana bin mutane fiye da yadda iyalinsa suka sani, kuma masu biya sukan yi sanyin ƙafa idan suka ga ba mai tambaya.

Bashin da wa'adinsa bai yi ba yana zama na biya nan take idan wanda ake bi ya mutu. Dilan da ya ba shi atamfa sai bayan salla, yanzu zai shiga layi. Adashi ma haka: idan ya riga ya kwasa, zubin da ya rage bashi ne a kansa, idan bai kwasa ba, abin da ya zuba a dawo da shi cikin dukiya. Sauran sadakin da bai cika ba, naki ko na abokiyar zamanki, bashi ne cikakke.

Bashin banki yana da nasa hali. A rubuta musu a nemi adadin da suke binsa daidai ranar rasuwa, a kuma yi tambaya guda wadda mutane da yawa ba su san da ita ba: shin rancen yana da inshorar rai? Rancen albashi sau da yawa ana cire kuɗin wannan inshorar tun ranar da aka ba da shi, kuma idan akwai ta, kamfanin inshora ne zai biya abin da ya rage. A nemi takardar yarjejeniyar rancen a karanta. Idan babu, a roƙi su tsayar da kuɗin ruwa daga ranar rasuwa, su yafe wanda ya taru, a biya uwar kuɗi. A yi wannan da wuri, domin tun 2020 akwai tsarin Babban Bankin Najeriya mai suna GSI da ke ba banki damar cire bashin da aka kasa biya daga asusun mutum na wasu bankunan. Ke kuma ba a bin ki ko kwabo, sai idan kin sa hannu kin tsaya masa. Bashin mamaci a kan dukiyarsa yake. Idan dukiyar ta gaza, masu bashi za su raba abin da ke akwai gwargwadon bashin kowa: in ana binsa miliyan 10 aka sami miliyan 6, kowa zai karɓi naira 60 a kowace 100. Magada ba za su sami komai ba, amma kuma ba za a tilasta su su cika ba. Wanda ya cika don Allah ya yi wa mamaci babban alheri.

Gwal ɗinki bashi ne kamar na kowa, kuma kada kunya ta hana ki faɗa. Mata da yawa suna yin shiru don kada a ce suna neman duniya a kan gawar miji, daga baya su rasa abin riƙe yaran. Ki faɗa tun a zaman farko, kafin a yi lissafi. Za a nemi hujja a wurinki kamar yadda za a nema a wurin dila. Ki tuna wa ya sani: maƙerin da ya saya, wanda ya raka shi, abokiyar zamanki, ko saƙon da ya taɓa turo miki yana ambaton bashin. Shaidar ɗa ga mahaifiyarsa ba a karɓarta, haka ta iyaye ga 'yarsu, don haka ki nemi na waje. Akwai kuma bambanci mai tasiri a aljihu. Idan gwal ɗin kansa kika ranta masa, gwal mai nauyinsa da ingancinsa kike bi, ko kuɗinsa a farashin ranar biya. Idan ke kika sayar kika ba shi kuɗin, adadin kuɗin nan kike bi, komai tashin da gwal ya yi bayan haka.

Bari mu ƙaddara wasu adadi don ki ga yadda lissafin ke tafiya. A ce gida an yi masa kuɗi miliyan 20, mota miliyan 4, kayan shago miliyan 3, kuɗin bankuna miliyan 3. Jimla miliyan 30. A ce an kashe dubu 100 a jana'iza. Banki na binsa miliyan 2 da dubu 400, dila miliyan 1 da dubu 800, ke miliyan 1 da dubu 200, adashi dubu 400, sauran sadakin abokiyar zamanki dubu 100. Duka sun tashi miliyan 6. Idan bai bar wasiyya ba, abin rabo miliyan 24 ne.

Matan aure suna da tumuni, wato ɗaya cikin takwas, tun da akwai 'ya'ya. Miliyan 3 ke nan, ku raba biyu, kowacce miliyan 1 da rabi. Yawan 'ya'yan da mace ta haifa ko daɗewarta a gidan ba ya ƙara mata. Mahaifiyarsa tana da sudusi, ɗaya cikin shida, miliyan 4. Saura miliyan 17 na 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. Maza uku kaso shida, mata huɗu kaso huɗu, goma ke nan. Kowace mace miliyan 1 da dubu 700, kowane namiji miliyan 3 da dubu 400. Ɗakinki, ke da yaranki huɗu, ya tashi da miliyan 11 da dubu 700. Ɗakin abokiyar zamanki, ita da namiji ɗaya da mata biyu, miliyan 8 da dubu 300. Kuɗin gwal ɗinki daban suke, ba sa cikin wannan. Idan ɗayarku na da ciki, a Malikiyya ana dakatar da rabon har ta haihu, don haka a faɗa wa alƙali.

Ki lura da abin da adadin ke nunawa. Tsabar kuɗin da ke banki miliyan 3 ne, abin biya kuma miliyan 6. Ke nan kuɗin da ake ta rigima a kan katinsu ba su isa biyan bashi ba ma, dole a sayar da mota ko kayan shago. Kuma miliyan 20 daga cikin 24 na rabo gida ne, ba kuɗin hannu ba. A irin wannan yanayi abin da nake ba da shawara shi ne a nemi kotu ta sallami mahaifiya da kuɗi daga abin da ya rage na mota da kaya, a bar gidan ga ɗakuna biyu, a rubuta kason kowane yaro a cikinsa da sunansa. A misalinmu, bayan an biya miliyan 6 daga miliyan 10 na mota da kaya da banki, miliyan 4 ɗin da suka rage su ne rabonta.

Dalilin da ya sa nake matsawa a kan wannan shi ne abin da jinkiri ke haifarwa. Za ki ji ana cewa a bar rabo sai yara sun girma, kuma maganar tana da daɗin ji. Amma idan tsohuwa ta rasu ba a fitar mata da sudusinta ba, wannan kason zai koma ga nata magadan, wato yayan mijinki da 'yan'uwansa, yaranku kuma ba za su gaje ta ba muddin tana da ɗa namiji a raye. Sai a wayi gari baffanni sun zama masu haƙƙi a cikin gidan da kuke zaune, kuma duk wanda ya buƙaci kuɗinsa na iya neman a sayar. Kayan shago kuma suna lalacewa ko su zube a hannun yaran shago, mota tana faɗuwa a daraja, shaidu suna mutuwa. A ƙidaya kayan shagon nan cikin makon nan gaban shaidu biyu daga kasuwa, a rubuta, a sa hannu. Rabawa a takarda ba ta tilasta kowa ya bar gidan.

Game da cin yau da gobe, ki sani mai takaba ba ta da ciyarwa daga dukiyar mamaci, domin ta zama magajiya, daga rabonta take ci. Amma tana da haƙƙin zama a gidan har ta gama wata huɗu da kwana goma idan gidan nasa ne ko ya riga ya biya kuɗin haya, ba mai fitar da ita. Yara kuma ana ciyar da su daga rabonsu. Hanyar da ta dace ita ce a roƙi alƙali tun a zaman farko ya ba da iznin fitar da wani adadi kowane wata ga kowane ɗaki, na abinci da makaranta da magani, a rubuce, a cire daga rabon kowa daga baya. Abincin zaman makoki da sadakar uku da bakwai da arba'in ba a ɗaukarsu daga dukiyar da marayu ke ciki. Baligin da yake so ya yi daga aljihunsa.

Tun da ma'aikacin tarayya ne, akwai kuɗi a wurin aiki da sukan fi na banki yawa. Dokar fansho ta 2014 ta tanadi abu biyu. Na farko abin da ya taru a asusun fanshonsa a kamfanin da ke riƙe da shi, wanda ake biya bayan an gabatar da takardar rasuwa da takardar kotu mai nuna magada, hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, kuma ta amince. Wannan dukiyarsa ce, tana shiga rabo. Na biyu inshorar rai da dokar ta wajabta wa wurin aiki ya yi wa kowane ma'aikaci, wadda ba ta gaza ninki uku na jimlar albashinsa na shekara ba. Ita dokar ta ce a biya wanda ma'aikacin ya rubuta a matsayin mai amfana, malamai kuma sun yi saɓani kan irin wannan kuɗin, ko gado ne ko na wanda aka ambata. Kada ku yanke wa kanku, ku kai takardar gaban alƙali. A tambayi kuma ƙungiyar ajiya da rance ta ma'aikata a ofishinsu, domin yana iya samun ajiya a can ko kuma ana binsa, da kuɗin asusun gidaje na ƙasa da ake cira kashi 2.5 cikin ɗari daga albashi, wanda Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ke mayarwa idan ma'aikaci ya rasu. Idan ya taɓa biyan kuɗin kujerar Hajji, shi ma a bi shi. Waɗannan sukan ɗauki lokaci, don haka kada a tsayar da biyan bashi da rabon abin da ke hannu ana jiransu. In sun fito a raba su da ma'aunin da aka raba na farko.

Saura wanda zai riƙe rabon yara. Renon yara naki ne, amma kula da dukiyarsu wani abu ne daban. A Malikiyya, bayan uba sai wanda uban ya yi wa wasicci, idan babu sai alƙali ya naɗa. Baffa ba ya zama mai kula da dukiyar maraya don kawai shi baffa ne, uwa ma haka. Kina iya neman kotu ta naɗa ki a kan dukiyar yaranki, ko ke da wani amintacce tare, kuma a ganina riƙon mutum biyu ya fi kare ki daga zargi. Kuɗin yara kada su shiga asusunki. A buɗe wa kowane yaro asusu da sunansa, ko a saya musu kadara a rubuta kason kowa. Idan kuɗin sun kai nisabi suka shekara, akwai zakka a kansu ko da na yaro ne, shi ya sa malamai suka so a juya dukiyar maraya. Amma a ba wanda aka san sana'arsa, da yarjejeniya a rubuce da shaidu, ba ɗan'uwan da ya ce a ba shi ya ɗan juya ba. Duk abin da kika kashe a kan yaro ki rubuta a ƙarƙashin sunansa, rasit ɗin makaranta da na asibiti ki adana. Ranar da ya balaga aka ga hankalinsa ya kai ya riƙe dukiya, aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni a miƙa masa, a kuma kafa shaidu a kan miƙawar, don haka a yi ta a kotun da ta naɗa ki, ya sa hannu ya karɓa.